Yadda Ake Sa Sifika Mai Jin Magana Ta Kunna Ainihin Waƙar da Ake So

Sifika mai jin magana na'ura ce da ke haɗe da intanet, tana da makirufo a jikinta, kuma ana ba ta umarni da baki maimakon danna maɓalli. Kamfanin Amazon ya fitar da tasa mai suna Echo a 2014, wadda ake kira da sunan Alexa. Google ya biyo baya a 2016 da Google Home, wadda daga baya aka mayar da ire-irenta ƙarƙashin sunan Nest, sai Apple ya kawo HomePod a 2018, mai amsa sunan Siri. Kunna waƙa na cikin manyan ayyukan da ake saya ta dominsu, kuma a nan ne ta fi ba masu ita haushi: a nemi waƙa kaza, ta kawo wata daban.

Babu waƙa ko ɗaya da ke ajiye a cikin sifikar. Abin da take saurare a koyaushe shi ne kalmar da ke tashe ta, wato sunanta. Da ta ji shi, sai ta ɗauki maganar da ta biyo baya ta aika wa manyan kwamfutocin kamfanin ta intanet. A can ne ake mayar da sautin zuwa rubutu, a rarrabe rubutun a gane wane ɓangare ne sunan waƙa, wane ne sunan mawaƙi, sannan a tura neman zuwa wani dandalin waƙoƙi irin su Spotify, Amazon Music, Apple Music ko YouTube Music. Dandalin ne zai duba rumbunsa ya dawo da abin da ya fi kama da wanda aka nema. Saboda haka kuskure na iya faruwa a wuri uku: wajen ji, wajen zaɓen dandali, ko wajen nema a rumbu. Kowanne da maganinsa, kuma mafi yawan wahalar da ake sha tana zuwa ne daga gyaran wurin da ba shi ya lalace ba.

Hausa ba ta cikin harsunan da waɗannan sifikoki ke karɓar umarni da su. Alexa tana jin Turanci da Faransanci da Jamusanci da wasu kaɗan, an kuma ƙara mata Larabci a ƙarshen 2021 domin Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Don haka Bahaushen da ya sayi Echo a Kano ko Landan da Turanci zai yi mata magana, na Yamai ko Maraɗi kuma yana iya saita ta a Faransanci. Umarnin da ya cika yana ɗauke da abu huɗu a jere: nau'in abin da ake so, sunansa, mai shi, da dandalin da za a ɗauko shi.

```
Alexa, play the song Jaruma by Hamisu Breaker on Spotify
```

Duk ɓangaren da aka bari, na'urar za ta cike shi da hasashenta. Idan sunan waƙa kaɗai aka faɗa, dandalin yakan zaɓi wadda ta fi shahara cikin masu wannan suna, ko ta wane ce. Idan sunan mawaƙi kaɗai aka faɗa, zai haɗo waƙoƙinsa a gauraye. Kalmar `song` tana da amfani saboda sau da yawa waƙa da kundin da ke ɗauke da ita suna ɗaya suke da shi. Mai son kundin gaba ɗaya sai ya ce `album`, mai son jerin da ya haɗa da kansa ya ce `playlist`. A sifikar Google tsarin ɗaya ne, sai dai a fara da `Hey Google`.

Sunayen Hausa ne suka fi shan wahala a matakin ji. Manhajar da ke mayar da sauti rubutu an horar da ita ne da maganar Turanci, kuma duk sautin da ta ji sai ta nema masa kalmar Turanci mafi kusa. Tamkar ɗan aike ne da ba ya jin Hausa aka tura shagon kaset: zai maimaita wa mai shago abin da kunnensa ya kama, mai shago kuma ya miƙo masa abin da ya fi kusa da hakan. Haruffa masu ƙugiya, ɗ da ƙ da ɓ, babu su a Turanci, haka nan tsawon wasali da karin sauti da Hausa ke bambanta ma'ana da su ba su da gurbi a wurinta. Shi ya sa furta suna da Hausa tsantsa yakan fi jawo kuskure a kan furta shi yadda Bature zai karanta shi daga takarda. Abin ba daɗin ji, mutum ya karya sunan Ɗan Maraya Jos da gangan domin na'ura ta gane, amma sau da yawa hakan ne ke aiki.

Kafin a gyara komai, sai a duba abin da sifikar ta ji. A manhajar Alexa ta waya ana shiga `More`, sannan `Settings`, sannan `Alexa Privacy`, a buɗe `Review Voice History`. A nan kowane umarni yana rubuce kamar yadda aka fahimce shi, har ma ana iya sauraron muryar da aka ɗauka idan ba a kashe ajiyarta ba. Masu sifikar Google suna samun irin wannan a shafin myactivity.google.com. Sunayen waɗannan wurare sukan ɗan canza idan an sabunta manhaja, amma ba sa nisa da inda suke.

A ɗauki misalin waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker, wadda ta yi tashe a 2020. A ce mutum ya nemi a kunna masa ita, sai ga wata waƙar Turanci. Ya buɗe tarihin muryar, ya tarar an rubuta `Jeremiah` a inda ya ce Jaruma. To matsalar ta ji ce, canza dandali ba zai yi komai ba. Zai fara da sake faɗa a hankali, yana ɗan tsayawa kafin sunan waƙar da bayansa, ba tare da ɗaga murya ba, domin ihu yana ƙara dagula sautin ne. Zai kuma duba inda sifikar take: kusa da talabijin, ƙarƙashin fanka ko gefen tagar da ƙarar janareta ke shigowa duk suna rage mata ji, kuma Amazon yana ba da shawarar a nisanta ta da bango da kusan santimita 20. Idan duk da haka ba ta daina kuskuren ba, hanyar da ta fi tabbas ita ce a daina faɗin sunan kwata-kwata. Ana buɗe dandalin a waya, a ƙirƙiri sabon jerin waƙoƙi, a sa waƙar a ciki, a ba jerin suna mai sauƙi da Turanci wanda bai yi kama da sunan wata sananniyar waƙa ba.

```
Alexa, play my Green Table playlist
```

Akwai kuma hanyar `Routines`, wadda Alexa da Google duk suke da ita. Mutum yana zaɓar gajeriyar jimla da na'urar ba ta kuskuren ji, sannan ya rubuta cikakken umarnin da hannunsa a matsayin abin da za a aiwatar idan an faɗi jimlar. Tunda rubutawa aka yi, sunan Jaruma yana isa ga dandalin da haruffansa daidai, bai bi ta kunnen na'ura ba. Ga wanda ke da waƙoƙi biyar ko shida da yake yawan nema, wannan ita ce ta fi dacewa da ɓata lokaci a kai.

Wani lokaci kuma tarihin muryar zai nuna an ji komai daidai, amma duk da haka waƙar ba ita ba ce. A nan sai a koma kan dandali. Kowane kamfani yana saita sifikarsa ta fara neman waƙa a dandalinsa: Echo a Amazon Music, Nest a YouTube Music, HomePod a Apple Music. Mutum na iya biyan kuɗin Spotify kowane wata, amma muddin bai faɗi `on Spotify` a ƙarshen umarni ba, Echo ba za ta leƙa can ba. Gwajin mai sauƙi ne: a maimaita umarnin tare da sunan dandalin. Idan waƙar ta fito, an gano inda matsalar take. Gyaran dindindin a Alexa shi ne a shiga `Settings`, sannan `Music & Podcasts`, a haɗa asusun ta `Link New Service`, sannan a zaɓe shi a `Default Services`. Haɗa asusu kaɗai bai mayar da shi dandalin farko ba, kuma wannan mataki na biyu ne mutane suka fi mantawa. A manhajar Google Home ana yin wannan zaɓi a sashen `Music` na saituna. A gidan da mutane da yawa suka haɗa asusunsu da sifika ɗaya, kowa na iya samun nasa dandalin, don haka idan ba ta gane muryar mai magana ba tana iya ɗauko waƙa daga asusun wani.

Nau'in asusun ma yana da tasiri sosai. Asusun kyauta a yawancin dandali ba ya ba da damar kunna waƙa guda da aka ambata ta sifika. Sai dai ya kawo gaurayen waƙoƙi masu kama da ita, har da talla a tsakani. A Nuwamba 2022 Amazon ya buɗe wa masu Prime rumbunsa na waƙoƙi miliyan 100, amma galibi a gauraye, ya bar cikakken zaɓen waƙa ɗaya ga masu biyan Amazon Music Unlimited. Alamar wannan matsala a bayyane take: na'urar ta ji suna daidai, mawaƙin ma sau da yawa shi ne, amma tana sanar da cewa za ta gauraya ko ta haɗo da makamantansa. Babu wani salon furuci da zai gyara wannan.

Saura matakin rumbu. Waƙoƙin manyan mawaƙan gargajiya irin su Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, mutane daban-daban ne suka ɗora su a intanet, wani ya sa Alhaji a gaban sunan, wani Dakta, wani ya rubuta sunan waƙar yadda ya ga dama. Dandalin yana nema ne da rubutun da aka yi masa rajista da shi. Don haka ya kamata a nemi waƙar a waya tukuna, a ga yadda aka rubuta ta, a yi amfani da wannan rubutun a umarni ko a `Routines`. Idan ba ta fito a waya ba, to ba ta cikin rumbun, kuma sifika ba za ta samo ta ba. Haka nan jerin dandalin da ake iya haɗawa ya danganta da ƙasar da aka yi rajistar asusun Amazon ko Google a cikinta: Spotify ya shigo Nijeriya a Fabrairu 2021, amma samuwarsa a waya ba ta tabbatar da cewa zai bayyana a saitunan kowace sifika ba.

Waƙar da ke ajiye a waya, ko wadda ke kan wani dandalin da sifikar ba ta haɗuwa da shi, ana kunna ta ne ta Bluetooth. A Echo ana cewa `Alexa, pair Bluetooth`, a zaɓi sifikar a cikin wayar. Daga nan zaɓen waƙa ya koma hannu, sai dai umarnin tsayarwa da wucewa gaba da ƙara sauti suna ci gaba da aiki da baki.