Wasiƙar neman bayanin asusu don biza

Wasu ofisoshin jakadanci ba sa yarda da bayanin asusun da ka buga daga wayarka matuƙar babu hatimin banki da sa hannun jami'i. Saboda haka rubuta wa manajan reshenku wasiƙa gajera. Sa sunanka yadda yake a fasfo, lambar asusu, da ranakun da kake so bayanin ya ƙunsa, misali daga 1 ga Janairu zuwa 30 ga Yuni. Kada ka ce "watannin baya" kawai.

Ka roƙi a buga hatimi a kowane shafi, domin shafin da aka tsallake yana iya jawo shakku. Kada kuma ka yi gaggawar karɓa: Birtaniya ba ta karɓar bayanin kuɗin ɗalibi da ya wuce kwana 31 kafin ranar neman bizar.