Kuɗi Sun Shigo, Kaya Ba Su Fita Ba: Yaushe Ciniki Ke Zama Ciniki?

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)



Bari mu fara da wani misali. A ce akwai wani mai injin casar shinkafa a Kano, su uku ne suka haɗa jari, kuma al'adarsu ce su rufe littafi ran 31 ga Disamba su raba riba. Ran 15 ga watan sai wani dila daga Sakkwato ya bugo waya. "Alhaji, lodin tirela ɗaya nake so, buhu 600. Na ji an ce farashi zai tashi, don haka zan biya duka yanzu." Suka daidaita a kan naira 50,000 kowane buhu. Kafin la'asar wayar mai injin ta yi ƙara, naira miliyan 30 sun sauka a asusu.

To amma shinkafar da ke sito ba ta kai ba. Kafin shekara ta ƙare buhu 200 kawai aka iya cashewa aka ɗora wa dilan. Sauran 400 sai Janairu.

Tambayarmu ta yau ita ce: a littafin wannan shekarar da ke ƙarewa, cinikin nawa mai injin ya yi da wannan dila? Miliyan 30 da ke banki, ko miliyan 10, kuɗin buhu 200 da suka fita?

Da yawa daga cikinmu za mu ce miliyan 30 mana, ai ga kuɗi nan, ga rasit an yanka. Akanta kuwa zai girgiza kai. A wurinsa cinikin miliyan 10 aka yi. Sauran miliyan 20 bashi ne a wuyan mai injin, sai dai bashi ne da za a biya da shinkafa. Idan injin ya lalace gobe, ko gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, dilan nan zai zo ya tsaya a bakin ƙofa, ko a ba shi buhu 400 ko a mayar masa da kuɗinsa. Abin da wani zai iya zuwa ya ce a mayar masa, ai bai gama zama naka ba.

Mu Hausawa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk telan da ya karɓi kafin alƙalami ana saura kwana goma Salla ya san kuɗin nan ba su zauna ba sai ranar da mai kaya ya karɓi ɗinkinsa. Malamanmu na fiƙihu ma sun daɗe da sanin cinikin salam, inda ake biyan kuɗi nan take, kaya su zo daga baya, kuma sun ce kayan suna nan a matsayin bashi a kan mai sayarwa har ya miƙa su. Masu lissafin zamani sun zo ne suka mayar da wannan fahimta ƙa'idar rubutu.

Ƙa'idar da ake bi yau sunanta IFRS 15. Hukumar tsara ƙa'idojin lissafi ta duniya da ke Landan ce ta fitar da ita a 2014, tare da takwararta ta Amurka, ta fara aiki a Janairun 2018. Manyan kamfanonin Najeriya da ke kasuwar hannun jari da ita suke aiki. A Jamhuriyar Nijar kuwa, inda ake bin tsarin lissafi na ƙasashen OHADA, kuɗin da mai saye ya bayar tun kafin kaya suna da nasu gurbi daban, asusu mai lamba 419, ba a cakuɗa su da kuɗin ciniki. Ƙa'idar ta duniya tana da matakai biyar, amma ga mai sayar da buhuna duk sun tattaru a kan tambaya ɗaya: yaushe iko da kayan ya koma hannun mai saye? Wato yaushe ya zama shi ne zai iya sayar da su, ya ba da su jingina, ya yi kyauta da su, ya kuma hana kowa taɓawa? Ranar da hakan ta faru, ranar ce ake rubuta ciniki.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa? Ko a Disamba ko a Janairu, ai kuɗin ɗaya ne. Mu koma wurin mai injinmu mu ga ɓarnar da ke ciki.

A ce kowane buhu yana cin masa naira 42,000, daga sayen shanshera zuwa gas, leburori da buhun zubawa. Ribar buhu ke nan naira 8,000. A kan buhu 200 da suka fita, ribar gaskiya ita ce miliyan 1 da dubu 600.

Yanzu a ce yaron da ke riƙe da littafi ya rubuta miliyan 30 duka a matsayin ciniki. A ɓangaren kashe kuɗi kuwa ba shi da abin rubutawa sai na buhu 200, tunda sauran ko shansherarsu ba a saya ba. Sai littafi ya nuna riba sama da miliyan 21. Abokan jari uku su zauna, fuska a sake, kowa ya ɗauki miliyan 7. Wani ya biya kujerar Umra, wani ya sa a gini.

Janairu ta kama, dila ya bugo waya: "Alhaji, ina sauran kayana?" A nan ne ido ke raina fata. Kuɗin da za a sayi shansherar buhu 400 su ne aka raba aka ci. Kuma kada ku manta dalilin da ya sa dilan ya biya da wuri: ya hango farashi zai tashi. Idan ya tashi, shanshera ta yi tsada, amma shi a tsohon farashi za a ba shi. Ko da babu wanda ya yi niyyar cutar wani, sai ka ga an shiga karɓar kafin alƙalamin sabon mai saye don a sallami tsohon. Ni dai a ganina, yawancin rigimar abokan jari da ake kaiwa gaban shugabannin kasuwa, idan aka tona, ba sata ce a ƙasanta ba, irin wannan rubutun ne.

Gyaran ba shi da wuya. Ranar da kuɗi suka shigo, a rubuta su sau biyu: banki ya ƙaru da miliyan 30, sannan a buɗe shafin da za a kira kuɗin masu saye da ba a ba su kaya ba, shi ma miliyan 30. Duk lodin da ya fita, a ɗebi kuɗinsa daga wannan shafi a mayar shafin ciniki, a rubuta abin da buhunan suka ci a gefensa. Ran 31 ga Disamba shafin zai nuna saura miliyan 20, kowa ya gani da idonsa cewa ba na rabo ba ne.

Inda abin ke da ɗan santsi shi ne ma'anar "kaya sun fita". A ce ran 30 ga Disamba da dare aka gama lodi, mota ta isa Sakkwato ran 2 ga Janairu. Cinikin na wace shekara ne? Ya danganta da yadda aka yi magana tun farko. Idan dila ne ya turo motarsa, direbansa ya ƙirga ya sa hannu a takardar lodi a bakin injin, to daga nan kaya nasa ne, ko motar ta faɗi a Talata Mafara asararsa ce. Cinikin na Disamba ne. Idan kuwa alkawarin shi ne mai injin zai kai har sito a Sakkwato, to kayan da ke kan hanya har yanzu na mai injin ne, cinikin ya faɗa Janairu. Shi ya sa yana da kyau a rubuta wurin miƙa kaya a jikin rasit, ko da layi ɗaya ne.

Sai kuma wanda ya fi kowanne jawo gardama. Dila ya ce, "Alhaji, sitona ya cika, ka riƙe mini buhu 100 a wurinka zuwa wata mai zuwa." Kaya ba su motsa ba, amma an biya, kuma shi ne ya nemi a ajiye. Ƙa'idar ta yarda a rubuta wannan a matsayin ciniki, amma da sharaɗi huɗu, kuma sai sun cika duka. Dole a sami dalili na gaske na ajiyar, kamar mai saye ne ya roƙa. Dole a ware buhunan daban, a san na wane ne. Dole su zama a shirye, ko yanzu ya turo mota a ɗora. Sannan mai injin ba shi da ikon ɗaukar su ya ba wani, ya ce zai mayar daga baya. Wannan na ƙarshen ne ke kayar da mutane. Idan buhunan na cikin babban tsibi ɗaya ana ɗiba ana sayar wa duk wanda ya zo, to dilan bai mallaki komai ba tukuna, alkawari kawai yake riƙe da shi.

Sharuɗɗan sun yi tsauri ne domin an taɓa ganin yadda ake wasa da wannan ƙofa. A Amurka, wani kamfanin kayan gida mai suna Sunbeam, ƙarƙashin shugabansa Albert Dunlap, ya riƙa lallashin manyan shaguna da rangwame su sayi murhun gasa nama tun cikin hunturu, alhali sai lokacin zafi ake neman sa. Kayan na ajiye a sito, shagunan ba su karɓa ba, amma kamfanin ya rubuta ciniki. Ribar 1997 ta fito gwanin sha'awa. Sai dai cinikin gobe ne aka janyo aka ci yau, da goben ta zo babu mai saye. An sallami Dunlap a 1998, aka sake lissafin ribar ta ragu ƙwarai, kamfanin kuma ya shiga kotun fatara a 2001.

To idan kai abokin jari ne, ko banki ne kake son ba da rance, yaya za ka gane? Kada ka tsaya a kan rasit, domin rasit shaidar karɓar kuɗi ce kawai. Ka nemi takardun lodi na makon ƙarshen Disamba da makon farkon Janairu, ka jera su kusa da littafin ciniki, ka duba kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Ka shiga sito ranar rufe littafi ka ƙirga buhuna da kanka. Idan littafi ya ce an sayar da 600, littafin mai gadin ƙofa kuma ya nuna 200 ne suka wuce, sai ka tambayi inda 400 suke. In an ce ajiya ce, a nuna maka inda aka ware su, da sunan da ke jiki. Ka kuma leƙa Janairu: idan ciniki ya yi tsalle a kwanakin ƙarshe na shekara, sannan sabuwar shekara ta buɗe da soke-soken rasit da mayar da kuɗi, to ka ɗauko lambar dilan ka kira shi, ka tambaye shi buhu nawa suka iso hannunsa.

Nan za mu dakata a shirin namu na yau. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)