Wa zai kawo hujja a gaban alƙali, kuma ta kai yaya?

A shekarar 1995 wata kotu a Los Angeles ta wanke tsohon ɗan wasan Amurka O.J. Simpson daga tuhumar kashe tsohuwar matarsa da wani abokinta. A 1997 iyalan mamatan suka yi nasara a kansa a wata kotun, aka ce ya biya diyyar dala miliyan 33 da rabi. Kisan ɗaya ne, mutumin ɗaya ne, amma ma'aunin da kotunan biyu suka auna hujja da shi ya bambanta.

A shari'ar laifi, hukuma ce ke ɗauke da nauyin kawo hujja, kuma sai ta tabbatar da laifin har ya zama babu wani kokwanto mai ma'ana da ya rage a zuciyar alƙali. Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar. Wannan ƙa'ida ta kafu sosai a Ingila a 1935, a shari'ar Woolmington, wani ma'aikacin gona da ya harbe matarsa ya ce kuskure ne. Alƙalin farko ya ce shi zai tabbatar da kuskuren, amma kotun ƙoli ta ƙasar ta soke hukuncin, ta ce aikin mai gabatar da ƙara ne ya nuna da gangan aka yi.

A rikicin bashi, fili ko kwangila kuwa, rinjaye kawai ake nema. Sashe na 134 na Dokar Shaida ta 2011 ya bar alƙali ya ɗora hujjojin ɓangarorin biyu a sikeli, wanda nasa ya fi nauyi ko da kaɗan ne ya ci. Dalilin bambancin a fili yake: kuɗin da aka biya bisa kuskure ana iya mayarwa, shekarun da mutum ya yi a gidan yari ba sa dawowa.

Sai dai nauyin ba ya zama wuri ɗaya. Ɗauki misalin babur da aka sace ranar Litinin, ranar Laraba 'yan sanda suka same shi a hannun wani matashi. Babu wanda ya ga matashin yana sata. Duk da haka sashe na 167 na dokar ya ba alƙali damar ya ɗauka cewa wanda aka kama da kayan sata jim kaɗan bayan satar, ko dai shi ne ɓarawon, ko kuwa ya karɓa yana sane, sai fa in ya yi bayanin yadda kayan suka zo hannunsa. Kafin a kai nan, dole mai gabatar da ƙara ya nuna cewa lallai an saci babur ɗin, kuma wannan ɗin ne aka sace, ta lambar inji da takardun mai shi. Daga nan ido ya koma kan matashin. In ya yi shiru, zaton na iya kai shi kurkuku. In ya kawo rasit, ya ambaci wanda ya sayar masa da dillalin da aka yi cinikin a gabansa, kuma farashin ya yi daidai da na kasuwa, to zaton ya rushe, domin abin da ake buƙata daga gare shi bayani ne da hankali zai ɗauka. Tazarar lokaci ma tana da tasiri: wayar hannu kan sauya hannu sau da yawa cikin mako guda, don haka zaton da ke kanta ya fi saurin yin rauni.

Akwai wasu zatukan irin wannan. Wanda aka shekara bakwai ba a ji ɗuriyarsa ba daga waɗanda ya kamata su ji, doka na ɗaukarsa ya rasu, mai cewa yana raye shi zai kawo hujja.

Wani tarko da masu ƙara ke yawan faɗawa yana sashe na 135. A Nijeriya, in mutum ya zargi abokin shari'arsa da laifi a cikin ƙarar neman hakki, kamar ya ce takardar filin jabu ce, kuma ƙarar ta dogara a kan zargin, sai ya tabbatar da shi da ma'aunin shari'ar laifi. Wannan ne ke kayar da ƙararrakin zaɓe da dama da aka gina a kan zargin maguɗi. Sharaɗin yana da tsauri ƙwarai a kan talakan da ba shi da 'yan sandan da za su yi masa bincike.

Don haka mai sayen babur ko waya na hannu ya karɓi rasit, ya kuma yi cinikin a gaban shaidu.