Bi da Bi, ko Mai Ƙaramin Kaya? Yadda Ake Raba wa Sabar Aiki

Ranar da sakamakon jarrabawa ya fito, dubban ɗalibai ne ke danna waya a lokaci guda. Kowace dannawa saƙo ce zuwa wata babbar kwamfuta da ake kira sabar. Guda ɗaya ba za ta iya da wannan cinkoso ba, sai a jera uku ko goma, a sa wata manhaja a bakin ƙofa tana nuna wa kowace buƙata inda za ta. NGINX, wadda Igor Sysoev ya fitar a 2004, da HAProxy ta Willy Tarreau, suna cikin waɗanda aka fi ba wannan aiki.

Hanya mafi sauƙi ita ce bi da bi: ta farko, ta biyu, ta uku, a sake komawa ta farko. A HAProxy sunanta `roundrobin`, a NGINX kuwa ita ake samu idan ba a zaɓi komai ba. Mai rabon ba ya duban abin da ke hannun kowa, layi kawai yake bi. Idan sabar ɗin ƙarfinsu ɗaya, buƙatun kuma gajeru ne masu kama da juna, babu abin zargi a cikinta.

Sai dai wanda ya taɓa zama a wurin niƙa ya san ƙirga kawuna ba ƙirga aiki ba ne. Wata ta zo da kwanon tattasai, wani ya zo da buhun masara. Haka yake a nan: duba sakamako ƙiftawa da bismillah ne, ɗora takardu masu nauyi kuwa yana riƙe layi na tsawon lokaci.

Mu ɗauka buƙatu 30 ne ke shigowa duk daƙiƙa, sabar kuma uku ne. Bi da bi zai ba kowace 10. Biyu lafiyarsu ƙalau. Ta uku ta samu matsala a ma'ajiyarta, 4 kawai take iya kammalawa a daƙiƙa. Ke nan duk daƙiƙa buƙatu 6 na taruwa a kanta, cikin minti guda sun kai 360. Mai rabon bai sani ba, domin ba ta mutu ba, tana amsawa, sannu ce kawai. Yana ta ƙara mata kaya. Alamar wannan ciwo a bayyane take: shafin ya buɗe wa maƙwabcinka nan take, kai naka yana ta juyawa, ka sake dannawa ya buɗe. Kusan ɗaya cikin uku na masu shiga ne ke shan wahala, alhali sauran biyun suna da sauran ƙarfi.

Hanya ta biyu tana riƙe lissafi. Duk buƙatar da aka miƙa wa sabar, a ƙara mata ɗaya. Ta gama, a rage. Sabon shigowa sai a kai shi wurin mai ƙaramin adadi. A misalinmu, da zarar kaya ya fara taruwa kan ta uku, sababbin buƙatu za su karkata ga sauran biyun, ita kuma ta riƙa karɓar gwargwadon abin da take iya saukewa. A NGINX layi ɗaya ne ke kawo wannan sauyi:

```
upstream shafi {
    least_conn;
    server 10.0.0.1;
    server 10.0.0.2;
    server 10.0.0.3;
}
```

A HAProxy kuma `balance leastconn` ake rubutawa. A ganina, duk inda haɗi ke daɗewa a buɗe, kamar hira kai tsaye ko magana da rumbun bayanai, wannan ce ta dace.

Amma tana da nata ramin, kuma ya fi na bi da bi ban tsoro. A ce manhajar da ke kan ta uku ta lalace gaba ɗaya, duk wanda ya zo sai ta mayar masa da saƙon kuskure nan take. Hannunta kullum wayam ne, tunda ba ta aikin komai. A idon mai rabo ita ce gwarzuwa, sai ya riƙa tura mata mafi yawan jama'a. Da bi da bi ne, ɓarnar ta tsaya a kashi ɗaya cikin uku. Idan aka ga sabar guda na karɓar buƙatu fiye da 'yan uwanta, amsarta ta fi ta kowa sauri, lambar kuskure 500 kuma na ta hauhawa, to wannan ne ke faruwa. Maganinsa gwajin lafiya: mai rabon ya riƙa tura mata tambaya lokaci-lokaci, ya duba ingancin amsar, ya cire ta daga layi idan ta gaza.

Sabuwar sabar ma tana cikin haɗari. Ta shigo da sifili, 'yan uwanta na riƙe da ɗari-ɗari, sai duk sababbin buƙatu su afka mata kafin ta kintsa. Don haka HAProxy ke da `slowstart`, wanda ke ƙara mata kaso kaɗan-kaɗan cikin lokacin da aka ɗiba, har ta kamo sauran.