Zinare ba ya haihuwa

A taron ƙungiyar adashi a Kano, shugaban ya tsaya kan batun zuba ajiya a zinare. Ya ce: “Alhazai da Hajiyoyi, in kun sayi sarƙa a Kasuwar Rimi, kun biya har da kuɗin ƙira. Ranar sayarwa kuwa nauyi kawai za a auna. In farashi bai motsa ba, kun faɗi. Zinare yana kare kuɗi idan naira ta karye, amma ba ya haihuwa, kuma in ya kai nisabi, wajen giram 85, ya shekara, akwai zakka.”

Gaskiya ya faɗa. Kuɗin makarantar yara na zangon gaba, a bar shi a asusu.