Barka da Zuwa ta Lasifika: Minti Ɗaya da Baƙo Ba Ya Mantawa

Ranar Litinin ɗin farko ta zangon karatu, a watan Satumba, mun tsaya a bayan layin 'yan aji ɗaya a wata sakandare da ke Kakuri, a kudancin Kaduna. Shugabar ɗalibai ta karɓi makirufo don yi wa sababbi maraba. Kafin ta buɗe baki lasifika ta tsala wani irin fito, yara suka toshe kunnuwa. Da ta fara karatu kuma, mu na baya ba mu tsinci komai ba sai guna-guni.

Laifin ba na muryarta ba ne. Fiton nan yana faruwa ne idan mai magana ya tsaya a gaban bakin lasifika: sautin da ya fita sai ya sake shiga makirufo, ya yi ta zagayawa. Maganinsa shi ne a koma bayan lasifikar, a rage ƙararta kaɗan, a kusanto da makirufo baki.

Guna-gunin kuwa aikin bango ne. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya. Idan akwai dogon gini mita 34 daga lasifika, zuwa da dawowa mita 68 ke nan, wato amon zai dawo bayan ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, ya hau kan gaɓar da ke biye. Shi ya sa mai sauri ba a fahimtarsa. A taƙaita jimloli, a numfasa bayan kowace. Kalma 100 a minti ɗaya ta wadatar.

Sai abin da za a faɗa. A layin nan akwai ɗan Makera, akwai 'yar Narayi, akwai na Sabon Tasha da Barnawa: Bahaushe, Bagwari, Bajju, Ibo, Bayarabe, Musulmi da Kirista. Tun bayan rikicin 2000 da na 2002 iyalai da dama suka sauya unguwa, don haka wani yaron a nan ne zai fara zama benci ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Gaisuwar da ta ɗauki ɓangare guda za ta sa sauran su ji kamar 'yan rakiya ne.

Washegari aka ba ta dama ta sake. Bayan Turanci ta maimaita da Hausa: "Barkanku da zuwa, ƙannenmu. Ko daga wace unguwa kuka fito, nan gidanku ne. Ajinku yana hannun dama, kusa da famfo. Wanda ya ɓata, ko wani babba ya takura masa, ya je ofishin malamar ba da shawara. Na sake faɗa: ofishin malamar ba da shawara."

Da aka watse, mun tambayi wani yaro na can ƙarshen layi inda ajinsa yake. Bai ce komai ba, sai ya nuna mana famfo.