Daƙiƙa Ashirin a Ɗakin Lacca: Me Sabon Ɗalibi Zai Faɗa?

A makon farko na zangon karatu, malamin jami'a kan shigo aji, ya ajiye takardunsa, ya ce kafin a fara komai kowa ya miƙe ya gabatar da kansa. Nan take sai ɗaki ya yi tsit. Yaron da bai taɓa rasa abin faɗa a majalisar unguwa ba sai ka ga ya sunkuyar da kai yana ƙirga mutum nawa suka rage kafin a zo kansa.

Abin da ya kamata sabon ɗalibi ya fara yi shi ne lissafi. A manyan jami'o'i irin su Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka kafa a 1962, ko Bayero ta Kano, ko Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ajin 'yan shekarar farko kan cika maƙil. A ce mutum 200 ne a ɗakin, kowa ya ɗauki rabin minti, an cinye minti 100 ke nan daga laccar awa biyu. Babu malamin da zai yarda da haka. Rabon ɗalibi bai wuce daƙiƙa 15 zuwa 20 ba, wato kalmomi arba'in ko ƙasa da haka idan ba a yi gaggawa ba. Cikinsu ne gaisuwa da suna da kwas da wani abu guda da za a tuna shi da shi za su samu wuri.

Suna shi ne ya fi saurin ɓacewa, kuma a ajin da Hausawa suka yi yawa matsalar ta ninku. Kafin a gama layi biyu an ji Muhammad huɗu, Abubakar uku, ga A'isha da Fatima ba iyaka. Ƙari a kan haka, ɗalibai da yawa sukan karanto sunansu yadda yake a takardar JAMB, sunan mahaifi a gaba, sannan nasu, sannan na kaka, duk a numfashi ɗaya. Mai sauraro bai san wanne zai riƙe ba, sai ya saki duka. Lambar rajista kuwa ta takardar jarrabawa ce, ba wanda ya zo haddace ta.

Dabarar da ta fi aiki tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Mutanen da suka yi boko a farkon zamani da sunan garinsu aka san su: Aminu Kano, Sa'adu Zungur, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Garin ne ya bambanta wannan Aminun da sauran Aminai. Ɗalibi ma zai iya faɗin suna biyu a hankali, ya ɗan dakata, sannan ya ƙara wanda yake so a kira shi da shi, ko na gari ko na rana irin su Ɗanladi da Jummai, ko na gida irin su Abba da Ummi. Sai dai ya auna kafin ya furta, domin laƙabin da ya fita a ranar farko yakan bi mutum har ranar yaye.

Kwas bai buƙatar dogon bayani. Idan laccar ta sashe ce, kowa a ɗakin abu ɗaya yake karantawa, faɗinsa ɓata daƙiƙa ne. Amma a darussan gama-gari da ake kira GST, inda ɗaliban sassa daban-daban suke cakuɗuwa, dole a ambace shi, domin da shi 'yan sashe ɗaya suke gane juna su haɗa rukunin karatu. Wanda ya shigo aji biyu kai tsaye da difloma ko NCE ya kyautu ya faɗa, tunda ya tarar da mutanen da suka shekara tare.

Inda aikin yake shi ne abu na uku. A 1987 wasu masana halayyar ɗan'adam a Birtaniya suka nuna wa mutane hotunan baƙin fuskoki, suka haɗa kowace da suna da sana'a. Da aka zo tambaya, sana'ar aka fi tunawa, ko da kalmar da aka ba wani a matsayin sana'a ita ce aka ba wani a matsayin suna. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Suna ba ya zana komai a zuciya, amma da an ce mai gasa burodi sai mutum ya ga tanda da gari. Saboda haka abin da ɗalibi ya ƙara a bayan sunansa shi ne yake riƙe sunan.

A ɗauki misalin wani sabon ɗalibin injiniyan lantarki, a ce sunansa Abubakar. Ya miƙe ya gaida malam, ya zubo sunaye uku, ya faɗi jiha da ƙaramar hukuma da makarantar sakandare, ya rufe da cewa yana son karatu da kallon ƙwallo. Ya yi minti guda, kuma rabin ajin da haka suka rufe nasu. Da zai gyara, ga abin da ya ishe shi: “Barka da safiya, Malam. Sunana Abubakar, ana ce mini Habu Bichi. Injiniyan lantarki nake karantawa. Kafin in samu gurbi, gyaran waya nake yi a kasuwar Farm Centre.” Ko da Turanci ya faɗa, wanda shi ne harshen yawancin laccoci, tsarin ɗaya ne. Bai kai kalma arba'in ba, ya ba mutane abin da za su iya gani da idon zuci, ya kuma ba su dalilin tsayar da shi a bakin ƙofa. Wanda wayarsa ta daina caji ba zai manta da Habu Bichi ba.

Ba kowane abin tunawa ne ke da amfani ba. Makin JAMB da muƙamin mahaifi ana riƙe su ƙwarai, amma a matsayin fariya. Jam'iyya da ɗarika suna raba aji tun kafin a san juna, balle a wuri kamar Samaru inda ɗalibai suke zuwa daga kowane sashe na Nijeriya. Barkwanci caca ne: idan bai kama ba, shirun da ke biyo baya a gaban mutum 200 yana da nauyi. Ƙarya kuwa ba ta daɗewa, tunda da wuya a rasa ɗan garinku a ajin.

Akwai wani tarko da ɗalibai ba su cika lura da shi ba. Wani mai bincike, Malcolm Brenner, ya nuna a 1973 cewa idan ana magana bi da bi, mutum ba ya riƙe abin da waɗanda suke dab da shi a layi suka faɗa, domin hankalinsa na kan maimaita nasa. Ma'ana, ɗalibin da bai shirya daga ɗaki ba zai rasa sunan maƙwabcinsa na kujera, wanda watakila a wajensa zai fara aron littafi. Gara a tsara jimlolin tun da dare, a faɗe su da ƙarfi sau biyu ko uku ana duba agogo.

Sauran aikin na murya ne. Tarbiyyar gida ta koya wa yaro, musamman 'ya mace, ya sassauta murya ya kawar da ido a gaban babba. Wannan ladabi ne a zaure, amma a ɗakin da fanka ke kaɗawa kuma lasifika ba ta aiki, na bayan aji ba zai ji komai ba. Ɗalibi ya gaida malam yana fuskantarsa, sannan ya juyo ga ajin, ya yi magana da na layin ƙarshe. Idan aka ji wani daga baya ya ce “Ba mu ji ba!”, to sunan ne za a maimaita, a hankali, ba duka jawabin ba.

Gane ko gabatarwar ta yi aiki abu ne mai sauƙi. Idan an tashi daga lacca wani ya kira ɗalibin da sunan da ya zaɓa, ko ya tambaye shi game da abin da ya ambata, ta yi. Idan har ƙarshen mako “kai mai farar hula” ake ce masa, sai ya sake zaɓen abu na ukun kafin malami na gaba ya ce a miƙe.